Yadda ake canza kalar sitikar kwalba da Inpaint, siffa da haske su tsaya yadda suke

Wannan aikin yana yawan zuwa mana a shago, musamman daga matan da ke matsar man gyaɗa da masu zuma da masu yaji a nan ƙauyukan gefen Ringim. Mace za ta zo da hoton kwalbarta guda ɗaya a waya, sitikar ja ce, tana so ta ga yadda za ta fito in koriya ce kafin ta tura kuɗi Kano a buga mata dubu, ko kuma tana so ta ɗora a sitatus ta ji wacce kwastomomi suka fi so. Sharaɗinta ɗaya ne, kar kwalbar ta canza, kar rubutun ya canza, hasken da ya faɗo a jikinta ma ya zauna yadda yake, kala kawai.

Sabon shiga in ya ji haka sai ya buɗe Inpaint, wato wurin da injin AI yake sake zana inda aka shafa masa a hoto, ya shafa sitikar ya rubuta kore ya danna, to abu biyu ne zai samu, ko dai ta dawo masa ja kamar bai yi komai ba, ko kuma ta koma koriya amma wata sitika ce daban, rubutun ya zama gwaranci, ƙyallin gefe ya ɓace. Ni yadda nake yi, kalar ni nake sawa da hannuna, injin kuma gyaran fuska kawai nake ba shi. Zan bi misalin kwalbar man gyaɗa ta roba mai jar sitika da farin rubutu da ɗan hoton gyaɗa a tsakiya, an ɗauke ta a kan tebur a bakin zaure, haske na shigowa ta hagu.

Kayan aiki

Na farko hoton asali, kuma ina nufin na asali. In Hajiya ta turo ta WhatsApp yadda aka saba, an riga an matse shi, gefen rubutu duk ya yi ɗigo-ɗigo. Ka ce mata "Hajiya don Allah a sake turowa ta Document", ko ɗanta ya zo da wayar ka ɗauka da kebul ko Xender.

Na biyu Photopea, a burawza yake buɗewa kuma kyauta ne, in kana da Photoshop ko GIMP duk ɗaya ne, sunayen maɓallai ne kawai za su ɗan bambanta.

Na uku injin kansa, Stable Diffusion, a cikin manhajar AUTOMATIC1111, da model ɗin da aka yi domin wannan aikin, sd-v1-5-inpainting. Yana son laftof ko kwamfuta mai katin Nvidia, in mai 6GB ne za ka yi aiki hankali kwance, mai 4GB ma yana ja in ka sa `--medvram` a cikin webui-user.bat. Alherinsa shi ne in ka sauke shi sau ɗaya baya ƙara cin data, ko netwok ya ɗauke kana aikinka, sai dai yana shan wuta, in sola gare ka ka yi shi da rana.

Na huɗu maus. Kar ka ce za ka zagaye sitika da ɗan allon laftof, hannunka zai yi ta rawa.

In akwai ControlNet, ƙarin da ake sa wa AUTOMATIC1111 don ya riƙe siffa, da model ɗin Canny to madalla, in babu ba dole ba ne.

Abu ɗaya da ya kamata ka gane kafin ka fara

Akwai wani ma'auni a cikin injin, Denoising strength, daga 0 zuwa 1. Injin yana zuba hazo a kan wurin da ka shafa sannan ya share hazon yana sake zanawa, wannan lambar ita ce yawan hazon. Matsalar ita ce ƙananan abubuwa su ne suke fara mutuwa, siraran haruffa, lanƙwasar takarda, ɗan ƙyalli, ita kuwa kala mai faɗi tana daɗewa bata ɓace ba. Don haka a 0.3 ja yana nan daram, kafin ka kai inda jan zai saki, wajen 0.7 zuwa sama, rubutu da siffa sun riga sun tafi. Kamar ka kai wa marini riga ne ka ce ya rina maka, ya dawo maka da kalar da kake so amma ya farke ɗinkin ya sake wani. Shi ya sa muke rina kayanmu da kanmu tukuna, sai mu ba shi a ƙaramar lamba.

1. Ajiye asali, yi aiki a kan kwafi

Ka buɗe hoton a Photopea, ka danna Ctrl+J ya ba ka leya ta biyu, ta ƙasan ka kulle ta kar ka sake taɓa ta, da ita za mu yi awo a ƙarshe. Kar ka rage girman hoton, kar ka yanke shi yanzu. Ka adana PSD tun yanzu saboda wuta.

2. Zagaye sitikar gaba ɗaya

Ka ɗauki Pen tool ka bi bakin sitikar a hankali, ka matso da hoton kamar 300% ka ga inda takarda ta ƙare roba ta fara. Sitikar kwalba ba murabba'i ba ce a hoto, sama da ƙasanta suna lanƙwasa saboda zagayen kwalbar, gefen dama kuma da yake cikin inuwa jan yana yin duhu har ya kusa haɗewa da man, to nan ne mutane suke yanke hanya su bar siririn jan layi. In baka gani sosai, ka ɗora Levels na wucin gadi ka haska hoton, ka gama zagayen ka goge shi.

Magic Wand yana da sauri amma ni ban cika yarda da shi a kwalba ba, yana kama jan da ke cikin haske ya bar na inuwa, sai ka yi ta ƙara Tolerance har ya tsallaka cikin man. In dole sai da shi, ka riƙe Shift kana ƙara wurare, sannan ka gyara baki da hannu.

In ka rufe zagayen ka mayar da shi zaɓi, ka ba shi Feather na fiksel 1. Yanzu ka cire hoton gyaɗar nan da ke tsakiya daga cikin zaɓin, da duk wani tambari mai kalarsa, in ba haka ba za ka samu koriyar gyaɗa. Amma farin rubutu da baƙin rubutu ka bar su a ciki, kar ka wahalar da kanka kana zagaye harafi-harafi, yanzu za ka ga dalili.

3. Sa kalar da hannunka

Ka buɗe sabuwar leya, ka zaɓi koren da ake so, misali `#1E7A3C`, ka cika zaɓin da shi ta Edit > Fill. Zai rufe komai ya zama ɗanyen kore, kar ka firgita, ka je inda aka rubuta Normal a saman leyoyi ka mayar da shi Color.

Abin da Color yake yi shi ne ya ɗauki launi daga leyar sama, ya bar haske da duhu na hoton ƙasa. Inda sitikar ke da inuwa za ka ga kore mai duhu, inda rana ta taɓa kore mai haske, layin ƙyallin nan fari da ke gangarowa ta hagu yana nan fari, ɗan kumburin da takarda ta yi inda gam bai kama ba shi ma yana nan. Farin rubutu ya zauna fari, baƙi ya zauna baƙi, domin su ba su da wurin karɓar launi. Kuma ga ribar barinsu a ciki, bakin kowane farin harafi akwai ɗan hoda-hoda inda fari ya gauraya da ja, da ka cire haruffan daga zaɓin da wannan hodar ta zauna tana zagaye da kowane harafi a kan kore, duk wanda ya matso da hoton zai gane an taɓa. Yanzu ita ma ta rine.

In farin rubutun ya ɗan ɗauki kore-kore a ɓangaren inuwa, saboda a can ba fari tas ba ne toka-toka ne, ka ɗauki ƙaramin Eraser mai taushi ka bi tsakiyar haruffan, ka bar bakinsu.

Wasu da Hue/Saturation suke yi, Ctrl+U, su ja Hue zuwa +120 ja ya koma kore. Yana yi, amma koren yakan fito da ƙarfi kamar na fitila, sai ka rage Saturation da Lightness, kuma baka da iko a kan ainihin koren da za ka samu. In kwastoma ta kawo samfurin kala, Color ya fi.

4. Bi sawun jan da ya fita waje

Nan ne ake gane wanda ya iya. Jar sitika bata tsayawa a kan takarda kawai, tana jefa ja a kan abin da ke kusa da ita. A hoton namu teburin fomeka ne fari, in ka duba gindin kwalbar za ka ga wani ja-ja a kwance a kan teburin, sannan a kafaɗar kwalbar da gefen da roba ta lanƙwasa akwai siririn ja da yake haskawa ta cikin man. In ka bar su, sitika koriya inuwarta ja, mutum ba zai iya faɗa maka me ke damun hoton ba amma zai ce wani iri ya ganshi.

A kan wannan leyar ta Color ɗin, ka saki zaɓin da Ctrl+D, ka ɗauki burushi mai taushi, Opacity kamar 30%, ka shafa waɗannan wuraren kaɗan-kaɗan har jan ya kwanta. Ka yi hattara da man kansa, man gyaɗa dole ya zauna ruwan zinare, in ya ɗauki kore ya zama kamar wanda ya lalace, kuma wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga mai sayarwa.

In ka gama ka fitar da hoton PNG, sa masa suna kamar rini.png. Gaskiya a wasu hotunan, in wayar mai kyau ce kuma sitikar sumul take, a nan ma aiki ya ƙare, ba sai ka kunna injin ba. Ana wucewa gaba ne in koren ya fito da dabbare-dabbare, domin jan hoton waya yakan ɓoye ƙurajen matsi waɗanda suke bayyana da zarar an rina, ko kuma ya yi kama da fentin da aka shafa a kan hoto, ko bakin sitikar bai zauna da kyau ba.

5. Yi maski na biyu, wanda injin zai gani

Wannan maskin daban yake da zaɓin farko. Hoto ne baƙi da fari mai girma ɗaya da hotonka cif, fari shi ne inda ka yarda a taɓa, baƙi kuma haramun.

Ka cika sabuwar leya da baƙi, ka dawo da zaɓin sitikar ta hanyar da ka zana da Pen, ka rage shi ta Select > Modify > Contract da fiksel 2 ko 3 don injin kar ya kai ga bakin kwalba, ka cika da fari. Sannan ka ɗauki baƙin burushi ka rufe duk wani rubutu, wannan karon har da farin da baƙin, sunan kaya, lambar waya, lambar NAFDAC in akwai, ranar da aka yi da ranar lalacewa, layukan bakod, hoton gyaɗa. Ba sai ka bi harafi ba, ka ja baƙin layi mai kauri a kan jimlar gaba ɗaya har ya ɗan wuce ta. Layin ƙyallin hagu ma ni rufe shi nake yi.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan rubutu, injin baya aiki a kan hoton kai tsaye, yana matse shi ninki takwas ta kowane gefe tukuna, 512 ya koma 64, ya yi aikinsa a can sannan ya buɗe. Harafin da tsayinsa bai wuce fiksel goma sha ba ya zama ɗigo ɗaya ko biyu a wurinsa, in ya zo buɗewa sai ya ƙirƙiro abin da ya ga dama, ko da Denoising ɗin ƙasa yake sosai. 3 ta koma 8 a lambar wayar Hajiya, kwastoma ya kira wani bawan Allah a Gumel yana tambayar man gyaɗa. Lambar rajista kuwa in ta canza a talla magana ce ta daban.

Ka fitar da shi PNG, maski.png.

6. Saiti a AUTOMATIC1111

Ka zaɓi sd-v1-5-inpainting a sama, ka shiga img2img, sannan Inpaint upload. Akwatin sama ka sa rini.png, wato wanda ka riga ka rina ba jan asali ba, na ƙasa maski.png. Ga yadda nake farawa:

```
Mask blur: 3
Mask mode: Inpaint masked
Masked content: original
Inpaint area: Only masked
Only masked padding, pixels: 48
Sampling steps: 25
CFG Scale: 6
Denoising strength: 0.3
Width x Height: 640 x 768
```

Uku daga ciki su ne masu kashe aiki. Masked content dole original, ma'ana ya fara daga abin da ke wurin, in ka bar shi a fill ko latent noise ka ce masa ya watsar da rininka ya fara daga babu. Denoising strength kuma yana zuwa a 0.75 da kansa, in ka manta baka sauke shi ba duk wahalar da ka sha a baya ta tashi a banza. Sai Inpaint area, in ka bar Whole picture zai matse hoton wayar gaba ɗaya, mai 3000 da 4000, zuwa ɗan girman da ka rubuta a ƙasa, amma Only masked yana yanko yankin sitikar ne kawai da ɗan gefe, ya yi aiki a kai ya mayar da shi mazauninsa, sauran hoton yana nan da girmansa. Shi ɗan gefen shi ne padding, kar ka sa shi sifili, injin yana bukatar ya ga kwalbar da teburin don ya san ta ina haske ke zuwa.

Width da Height ka sa su yi kama da siffar sitikar, doguwa ce ko mai faɗi. Model ɗin a 512 aka horar da shi, yana jure 640 ko 768 a irin wannan ƙaramin aikin, in katinka ya yi kukan CUDA out of memory ka sauko 512 da 640.

Sannan ka leƙa Settings, akwai wani zaɓi Apply color correction to img2img results to match original colors, ka tabbata a kashe yake. In a kunne yake yana ƙoƙarin daidaita kalar sakamako da ta hoton da ka saka, wani lokacin ya dusashe maka koren.

7. Umarnin da za ka rubuta

Abin da za ka sa a ranka, wannan model ɗin baya jin "kar ka canza". Akwatin Prompt ba wurin ba da oda ba ne, wurin siffanta abin da ido zai gani a cikin maskin ne. In ka rubuta masa ya canza ja zuwa kore ya bar kwalba, kalmar ja da ka ambata ita zai riƙe ya fara dawo maka da ita, kalmar barin kwalba kuma bata da wani aiki, maski ne yake tsare kwalba ba magana ba. Da Turanci ake rubuta masa, gajere:

```
plain dark green paper label on a plastic bottle,
smooth even color, soft daylight from the left, photo
```

A Negative prompt kuma:

```
red, text, letters, logo, pattern, extra reflections
```

Ka lura na faɗi kayan da aka yi sitikar da shi, takarda, na faɗi ta inda haske yake zuwa kamar yadda yake a hoton. In sitikar mai sheƙi ce ka sa glossy, in marar sheƙi ce matte, ka duba hoton ka faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Irin dogayen kalmomin nan da ake kwafowa na studio lighting da 8k da sauransu ka bar su, su ne suke jawo sabon ƙyalli a inda babu, kwalbar da aka ɗauka a zaure ta koma sitikarta kamar a shagon hoto aka haska ta, sauran jikinta kuma yana zaure. Sunan kayan ma kar ka rubuta, zai yi ƙoƙarin rubuta shi a wurin da ka bari fili.

8. Gwaji, abu ɗaya a lokaci ɗaya

Ka danna Generate da Seed a -1, wato ya zaɓi lambar farawa da kansa kowane lokaci, Batch count 4, ka duba huɗun. Wanda ya fi kusa ka ɗauki lambar Seed ɗinsa ka kafe ta, daga nan duk abin da ka canza ka san shi ne ya kawo bambanci. In kana son ka huta, a ƙasa wajen Script akwai X/Y/Z plot, ka zaɓi Denoising ka rubuta `0.2, 0.25, 0.3, 0.35, 0.4` ya jero maka su gefe da gefe.

Yadda ake karanta su. In dabbaren nan yana nan, lambar ta yi ƙasa. In dabbaren ya tafi kuma inuwar dama tana inda take, kumburin takarda yana nan, ka tsaya, ka samu. In ka ga kumburin ya baje ko inuwar ta ja baya ko wasu 'yan zane kamar haruffa sun fara tsirowa a fili, ka wuce gona, ka koma baya. A irin wannan kwalbar yawanci tsakanin 0.25 da 0.35 ake dacewa, ni dai bana haura 0.4 sai da ControlNet. In ka ga wani haske-haske ya zagaye rubutun kamar akwati, koren da injin ya yi ya ɗan bambanta da naka ne, ka sauke Denoising kaɗan ko ka ƙara Mask blur zuwa 6 amma ka faɗaɗa baƙin da ke kan rubutun tukuna.

In dole sai ka hau, misali hoton ya lalace sosai, ka kunna ControlNet, Enable, ka zaɓi Canny, Control Weight 1. Yana zana layukan bakin komai daga hoton ya tilasta wa injin bin su, da shi kana iya kaiwa 0.5 siffa bata motsa ba. Amma layi yake riƙewa, baya riƙe inuwa mai laushi, don haka haske sai ka duba da idonka.

9. Awo, kar ka yarda da ido kawai

Ka ɗauko sakamakon ka ɗora shi a Photopea a saman hoton asali mai ja, ka mayar da leyar Difference. Duk inda bai canza ba zai zama baƙi ƙirin. Abin da ya kamata ya haska shi ne sitikar da 'yan wuraren da ka shafa a mataki na 4, shi ke nan. In ka ga layin murfi ko gefen kwalba yana haskawa, wani abu ya motsa, galibi maskin ne bai yi girma ɗaya da hoton ba ko an bar Whole picture.

Awon haske kuma, ka mayar da leyar Normal, ka ɗora Black & White ko ka sauke Saturation zuwa -100 a saman komai, sannan ka riƙa kunna leyar sakamako kana kashewa. Tokar sitikar gaba ɗaya tana iya ɗan yin sama ko ƙasa, wannan ba komai, abin da kake nema shi ne ko inuwa ta yi tsalle, ko ƙyalli ya ƙaura, ko wani sabo ya fito.

In inuwar ta ɗan motsa amma kana son sumul ɗin da injin ya yi, ga dabara, ka kwafi hoton asali ka ɗora a can sama, ka yanke shi da zaɓin sitikar, ka sa shi Luminosity, Opacity kamar 50%. Hasken asali zai dawo ya hau kan sabuwar kalar.

Daga nan ka matso ka karanta lambar waya da sauran lambobi ɗaya bayan ɗaya kana haɗawa da na asali.

In kalar da ake so ta fi ta asali haske ko duhu

Ja zuwa kore ko shuɗi mai sauƙi ne don nauyinsu kusan ɗaya. Ranar da Hajiya ta ce ɗorawa take so, Color kaɗai zai ba ka wata ƙazamar kala kamar ƙasa-ƙasa, saboda ya riƙe duhun ja, ita kuwa ɗorawa sai da haske take zama ɗorawa. Sai ka sa Levels a ƙarƙashin leyar kalar, a cikin zaɓin sitikar kawai, ka ja maɓallin tsakiya hagu har filin ya yi haske, amma ka tsaya tun inuwar dama tana ganuwa, in ka share ta sitikar ta zama kamar an manna ta daga baya. A nan baƙin rubutu sai ka cire shi daga zaɓin Levels ɗin don kar ya koɗe. Kuma ka gaya mata tun wuri, "Hajiya farin rubutun nan ba zai karantu a kan ɗorawa ba, sai dai a canza shi", wannan kuma sabon zane ne ba canjin kala ba, kuɗinsa daban. Baƙar sitika zuwa fara ita ce mafi wuya, domin a cikin baƙi kyamara bata ajiye komai ba, in ka haska ƙura kawai za ka gani, gara a manna farar takarda a kwalbar a sake ɗauka a wuri ɗaya.

In babu kwamfuta mai kati

Mataki na 1 zuwa 4 da na 9 duk ana yinsu a waya, ibisPaint X yana da leyoyi da Color, Photopea ma yana buɗewa a burawzar waya sai dai da ƙunci. Dabbaren kuma ka rage shi da ɗan Blur kaɗan a filin sitikar, ban da rubutu. Masu Photoshop mai Generative Fill su sani babu ma'aunin Denoising a ciki, duk abin da ka zaɓa sabo yake zanawa, don haka kar ka ba shi sitikar gaba ɗaya, ɗan wurin da ya lalace kawai za ka zaɓa a kan hoton da ka riga ka rina. Manhajojin waya da ake loda musu hoto a rubuta umarni ba tare da maski ba kuwa, da yawansu hoton gaba ɗaya suke sake zanawa, za ka ga ya yi kyau amma murfin ya ɗan canza, kwalbar ta ɗan rame. In da su ka yi, ka yanko filin sitikar kawai daga sakamakon ka ɗora a kan hotonka na asali, sannan ka yi awon Difference.

Wajen miƙawa, ka ba ta PNG ta Document, da JPG ɗaya na sitatus. In za a kai wa masu bugawa ka rubuta musu lambar kalar, `#1E7A3C`, amma ka ce ta sa su buga guda ɗaya ta gani a hannu kafin a saki sauran, koren allo yana da haske a bayansa, na takarda tawada ce, kusan kullum yana fitowa da ɗan duhu fiye da yadda ta gani a waya.